Ƙafa na Gudu, Hannu na Saiti: Yadda Ake Ɗinke Jikin Soja a Wasan Bidiyo

Wanda ya buga Resident Evil 4 na shekarar 2005 zai tuna cewa da zarar Leon ya ɗaga bindiga, ƙafafunsa sun kafe ke nan. Ko dai ka yi tafiya, ko ka yi harbi. Masu wasan sun zaɓi hakan da gangan domin tsoro ya ƙaru, amma da aka sake gina shi a 2023 sai aka bar Leon yana takawa yana saiti. A wasannin da matasanmu ke bugawa a waya, irin su Free Fire da PUBG Mobile, babu ma wanda ke lura da wannan: soja na gudu gefe, bakin bindigarsa na kan abokin gaba, babban yatsan hagu na tuƙa ƙafa, na dama na tuƙa saiti. Abin da ido ke gani jiki ɗaya ne, amma a cikin inji motsi biyu ne ko uku aka ɗora wa juna, kuma wahalar aikin kusan duk tana wuri ɗaya, wato ƙugu, inda rabin sama ya haɗu da rabin ƙasa.

Dalilin ɗorawar lissafi ne mai sauƙi. A ce sojanka yana tafiya ta fuskoki 8, gaba da baya da gefe da kusurwoyi, a sauri iri biyu. Motsi 16 ke nan, a haɗa da tsayuwa ya zama 17. A ce kuma yana iya saita bindiga ta wurare 9: tsakiya, sama, ƙasa, dama, hagu da kusurwoyi huɗu. In za a zana kowace haɗuwa daban, ana bukatar 153. A ba shi makamai uku, sun zama 459. Amma in aka raba jiki, ƙafa na da 17 ɗinta, kowane makami na da tsayuwar saiti 9, duka 44. Inji ne zai riƙa haɗa su a kowane firam yayin da ake wasa.

Zan bi aikin a cikin Unity, wanda tsarin motsinsa na yanzu, Mecanim, ya zo da Unity 4 a 2012, domin shi ne injin da mai koyo ya fi saurin samu a kwamfutarsa.

Ƙwarangwal da takunkumi

A cikin kowane sojan wasa akwai ƙwarangwal da ba a gani, kuma ƙasusuwansa a jere suke kamar zuriya. Ƙugu ne tushe. Daga shi ƙafafu biyu suka sauka, ƙashin baya ya hau. Ƙashin baya na ɗauke da ƙirji, ƙirji na ɗauke da wuya da kafaɗu, kafaɗa na ɗauke da damtse, har zuwa yatsu. Guntun motsi, kamar gudu, ba ya cewa hannu yana wuri kaza a duniya. Abin da yake ajiyewa shi ne yawan juyawar kowane ƙashi in an gwada shi da ƙashin da ke ɗauke da shi. Saboda haka duk abin da ƙugu ya yi, ƙirji da hannu da bindiga sun gaje shi, ko sun so ko ba su so ba. A riƙe wannan, domin duk matsalolin da za mu gani daga nan suke fitowa.

A tagar `Animator` ana jera motsi shimfiɗa-shimfiɗa. Ta farko, `Base Layer`, ita ke riƙe da tafiya da gudu, galibi a cikin `Blend Tree` mai gauraya motsin gaba da na gefe gwargwadon yadda ɗan wasa ya tura yatsa. Ita tana motsa jiki duka. Sai ka ƙara shimfiɗa ta biyu, ka sa mata motsin riƙe bindiga a kafaɗa, ka bar `Blending` ɗinta a kan `Override`, wato abin da ke cikinta ya maye gurbin abin da ya gabata. In ka tsaya a nan, sojan zai riƙa zamewa a ƙasa ƙafafunsa a tsaye cak, domin motsin riƙe bindiga ma yana da bayanin ƙafa, kuma ya shafe na gudu.

Maganin wannan shi ne `Avatar Mask`, takunkumin da ke faɗa wa shimfiɗa iyakar sassan jikin da aka yarda ta taɓa. In ka buɗe shi za ka ga hoton mutum a tsaye. Sashen da ka bari kore yana ciki, wanda ka danna ya koma ja an cire shi. Don saiti, ana barin kai, gangar jiki, hannaye da yatsu kore, a mai da ƙafafu biyu ja, da ƙananan alamun `IK` na tafin ƙafa, da kuma inuwar da ke ƙarƙashin mutumin. Wannan inuwar ita ce tushen jiki, kuma ita aka fi mantawa. In ta zauna kore, shimfiɗar saiti za ta ƙwace matsayin jiki da fuskantarsa daga hannun gudu, sai ka ga soja yana wutsil-wutsil da ƙafa amma hawa da saukar jikinsa ta mutu, ko tafiyar tasa ta tsaya.

Akwai wani tarko ƙarami da ke cinye wa masu koyo lokaci. Sabuwar shimfiɗa tana zuwa da `Weight` a kan 0, wato ba ta da tasiri ko kaɗan har sai ka ɗaga shi. Duk wanda ya ce ya shirya komai amma babu abin da ya canza, nan zan fara ce masa ya duba.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ko gangar jiki za ta shiga takunkumin. A ƙwarangwal irin na `Humanoid`, ƙashin baya da ƙirji sashe ɗaya ne, ba a raba su. Ko ka ɗauka duka ko ka bari duka. In ka bar su a hannun gudu, jikin yana da rai, kafaɗu na lilo da kowane taku, amma bakin bindiga na rawa dama da hagu. In ka ba wa shimfiɗar saiti su, bindiga ta natsu, amma daga ƙugu zuwa sama sojan ya sandare. Ni a ganina kuskure ne a nemi takunkumi ɗaya da zai yi aikin biyu. A yi guda biyu: na hannaye kaɗai don lokacin da yake gudu da bindiga a rungume, da na rabin sama duka don lokacin da ya ɗaga ta ya sa ido. Mutum na gaske ma in ya zo harbi yana ƙame ƙirjinsa, don haka sandarewar a wannan lokaci ba ta ɓata wa ido rai.

Shimfiɗar ƙari

Yanzu soja na gudu da bindiga a kafaɗa, amma gabansa kawai take kallo. Muna so ta ɗaga in abokin gaba na kan bene, ta sunkuya in yana cikin rami. A nan shimfiɗa ta uku ke shigowa, wadda ake sa `Blending` ɗinta a kan `Additive`.

Shimfiɗar ƙari ba ta shafe abin da ta tarar. Abin da take ɗauke da shi bambanci ne tsakanin tsayuwa biyu. Ana zaɓar tsayuwa guda a matsayin ma'auni, a nan saitin tsakiya, sannan inji ya cire ta daga tsayuwar saitin sama. Abin da ya rage shi ake ɗorawa a kan duk yadda jiki yake a wannan lokacin. Mu ɗauki ƙirji kaɗai mu gani. A saitin tsakiya ƙirjin ya karkata gaba digiri 5. A saitin sama ya koma baya digiri 25. Bambancin digiri 30 ne zuwa baya, kuma shi kaɗai aka ajiye. In sojan na tsaye ƙirjinsa na gaba da digiri 5, za a samu baya 25, daidai yadda mai zane ya tsara. In kuma shimfiɗun da suka gabata sun sunkuyar da ƙirjin gaba digiri 15 saboda gudu, sakamakon zai zama baya 15. Sunkuyon gudun bai ɓace ba, an yi gini ne a kansa. In aka rage nauyin shimfiɗar zuwa 0.5, rabin bambancin za a ƙara, digiri 15, ƙirjin ya tsaya miƙe. Wannan ne ya sa tsayuwar saiti 9 ɗin nan ke aiki a kan tsayuwa da tafiya da durƙuso duka, kuma da wannan hanyar ake ƙara numfashi, da turin da bindiga ke yi wa kafaɗa bayan harbi.

Ma'aunin nan shi ne ran al'amarin. In ba ka faɗa masa komai ba, Unity yana ɗaukar firam na farko na guntun motsin a matsayin ma'auni. To, saitin sama tsayuwa ce guda da ba ta canzawa daga farko har ƙarshe. An cire ta daga kanta ke nan, saura sifili, kuma soja ba zai ko ɗaga gira ba, alhali nauyi na kan 1 kuma babu wani saƙon kuskure. Gyaran shi ne a zana tsayuwar duka a fayil ɗaya, misali tsakiya a firam 0, sama a firam 10, ƙasa a firam 20, a yanka su gunduwa-gunduwa a shafin `Animation` na shigo da fayil, sannan a kowane guntu a kunna `Additive Reference Pose` a sa `Pose Frame` ya zama 0. Akasin wannan kuskuren ya fi muni a ido. In ma'aunin ya zama tsayuwar da hannaye ke miƙe gefe-gefe, bambancin zai ƙunshi ɗaga bindigar gaba ɗaya, a ɗora shi kan hannayen da suka riga suka ɗaga ta. Nan take gwiwar hannu ta shige ƙirji, wuyan hannu ya murɗe. Duk lokacin da ka ga jiki ya lanƙwashe ninki biyu, ma'auni ne bai dace da shimfiɗar da ke ƙarƙashi ba. Ƙa'idar ita ce tsayuwar da ka yi ma'auni da ita ta zama ita ce tsayuwar riƙon bindiga da ke shimfiɗa ta biyu.

Abu biyu kuma a taƙaice. Unity yana bin shimfiɗu daga saman jerin zuwa ƙasa, don haka ta ƙari dole ta zo bayan ta maye gurbi, in ba haka ba ta maye gurbin za ta goge abin da aka ƙara. Sannan ita ma ta ƙari tana bukatar takunkumi, domin mai zane yakan ɗan matsa ƙugu da gwiwa in yana zana saitin sama, kuma wannan ɗan bambancin zai sauka a kan gudu ya sa tafin ƙafa nutsewa cikin ƙasa.

A cikin shimfiɗar sai a sa `Blend Tree` da lamba ɗaya ke tuƙawa: -1 ƙasa, 0 tsakiya, 1 sama. In mai zane ya yi saitin sama a digiri 60, ana raba kusurwar kyamara da 60 a miƙa masa.

```csharp
int i = animator.GetLayerIndex("Aim");
w = Mathf.MoveTowards(w, aiming ? 1f : 0f, Time.deltaTime / 0.15f);
animator.SetLayerWeight(i, w);
animator.SetFloat("AimPitch", pitch / 60f, 0.05f, Time.deltaTime);
```

Layi na biyu yana hana nauyin tsalle daga 0 zuwa 1 a firam guda. Yana kai shi can cikin daƙiƙa 0.15, yadda ido zai ga an ɗaga bindiga. Shimfiɗar riƙo ma haka ake ɗaga nata nauyin, tare da wannan. Lambar 0.05 ta layin ƙarshe tana tausasa bin kyamara. In ta yi yawa, bindiga na jan ƙafa a bayan yatsan ɗan wasa, kuma ɗan wasa yana jin haka tun kafin ya iya faɗin abin da ke damunsa.

Inda ɗinkin ke yagewa

A koma kan lissafin ƙirjin nan. A tsaye, bindiga na kwance daidai lokacin da ƙirji ke gaba da digiri 5. A guje ƙirji ya koma 15, bindiga kuwa a jikinsa take, don haka bakinta ya sunkuya digiri 10 ba tare da kowa ya umarce ta ba. Kuskuren digiri 1 a nisan mita 20 yana kusan santimita 35. Digiri 10 ya kai mita 3.5. Shimfiɗar ƙari ba ta san inda abokin gaba yake ba, bambanci kawai ta sani.

Gudun gefe ya fi haka tsanani. Ku lura da mai talla da faranti a ka: ƙugunta na karkata da kowane taku, amma bayanta da wuyanta na mayar da karkatar, faranti bai san ana tafiya ba. Motsin gudu mai kyau haka aka zana shi. In soja na gudu dama yana kallon gaba, ƙugunsa na juyawa dama, a ce digiri 30, ƙashin bayansa kuma na murɗawa hagu digiri 30 don ƙirji ya ci gaba da fuskantar gaba. Da ka sa gangar jiki cikin takunkumin saiti, ka jefar da wannan murɗawar ta mayarwa, ka sa ta tsayuwa a madadinta, wadda ba ta san ƙugu ya juya ba. A ƙwarangwal irin na `Generic`, ƙirji da bindiga za su bi ƙugu digiri 30 cur, wanda a mita 20 ya haura mita 11. A `Humanoid` abin ya ɗan bambanta, domin Unity yana ajiye fuskantar jiki ne a matsayin tsaka-tsaki tsakanin rabin sama da rabin ƙasa. Kuskuren sai ya rabu: ƙirji ya kauce kusan rabi, ƙugu ma ya dawo kusan rabi, ƙafafu su fara taku a fuskar da ba ita jiki ke tafiya ba. Mai koyo yakan rantse cewa ƙafafun ja ne a takunkumi, me ya taɓa su? Ba a taɓa su ba, ƙugun da ke ɗauke da su ne ya motsa.

Hanyar gane wannan ba ta bukatar wayo. Ka ja layi daga bakin bindiga da `Debug.DrawRay`, ka sa wani abu a nisan mita 20, ka kalli sojan daga sama. Ka tsaya, ka yi gaba, ka yi dama, ka yi hagu. In layin na kan abin a tsaye amma ya kauce dama in ka yi dama, hagu in ka yi hagu, ƙugu ne. In yana lilo da kowane taku, gangar jiki ba ta cikin takunkumi, ko kuma gudun na da lilon ƙugu mai yawa. In ya kauce ko a tsaye, tsayuwar saitin ce ba ta daidaita da kusurwar da kake aika mata ba. Kallo daga bayan soja, inda kyamarar wasa take, yana ɓoye rabin wannan, shi ya sa mutane ke daɗewa ba su gani ba.

Masu amfani da Unreal suna da maɓalli don wannan. A `Layered blend per bone`, wanda ke yin aikin takunkumi daga ƙashin da ka zaɓa zuwa sama, akwai `Mesh Space Rotation Blend`, mai auna juyawar ƙashi da jikin gaba ɗaya maimakon ƙashin da ke ɗauke da shi, don haka ƙirji na riƙe fuskarsa ko ƙugu ya juya. `Aim Offset` nasu ma a kan irin wannan awon aka gina shi. Shimfiɗun `Animator` na Unity ba su da wannan zaɓin, sai a bi ta wata hanya. Ta farko, kuma wadda na fi so a fara da ita, ita ce a samo motsin tafiya da aka zana don riƙe bindiga tun asali, masu ƙugun da ba ya juyawa sosai. Tafiyar mai yawo hannu sake ba za ta taɓa zama tafiyar mai saiti ba, komai yawan shimfiɗun da aka jibga mata. Ta biyu ita ce gyara bayan an gama haɗawa: da `Multi-Aim Constraint` na kunshin Animation Rigging ana juya ƙashin baya da ƙirji su fuskanci wurin da ake saiti, a raba juyawar tsakaninsu don kada gaɓa ɗaya ta karye. Gyaran nan na ƙarasa 'yan digirin da suka rage ne. In aka bar masa digiri 60 duka ya yi shi kaɗai, bindiga za ta kalli wurin, amma kafaɗa da gwiwar hannu ba za su yi abin da jikin mutum ke yi ba. Wannan kyawun daga tsayuwar da mai zane ya yi da hannunsa yake zuwa.

A yawancin wasannin da kyamara ke bayan soja, inda harsashi zai sauka ana lissafa shi ne daga tsakiyar allo, ba daga yadda hannun sojan ya karkata ba. Saboda haka kaucewar digiri biyu ko uku ba ta sa a rasa harbi. Abin da take ɓatawa shi ne yarda, musamman ga sauran 'yan wasa da ke kallonsa daga gefe suna ƙoƙarin gane wa yake nufi.

Saura hannun hagu. Bindiga a hannun dama take manne, hagu kuwa nasa lissafin daban yake, tun daga kafaɗa. A tsayuwar da aka zana suna haɗuwa daidai, amma a tsakanin tsayuwa biyu, a ce rabin hanya zuwa sama, gauraya kusurwoyi ba ta tabbatar da cewa tafin hannun zai sauka a wuri ɗaya, sai ya zame daga bindigar da 'yan santimita ko ya shige cikinta. Ana sa wata alama a jikin bindigar inda ya kamata a riƙe, a ɗaure hannun da ita ta `Two Bone IK Constraint`, wanda ke lanƙwasa kafaɗa da gwiwar hannu har tafin ya isa. Wannan shi ne mataki na ƙarshe a jerin, bayan an gama juya ƙirji, kuma dole a sauke nauyinsa zuwa 0 lokacin sauya harsashi, in ba haka ba hannun zai ƙi barin bindigar.

Saitin dama da hagu ma yana da iyaka. Ƙashin bayan mutum ba ya murɗawa ba ƙarshe, don haka ana yanke kusurwa, a ce digiri 60 kowane gefe. In soja na tsaye kuma kyamara ta wuce nan, rabin sama ya gama nasa, sai a umarci `Base Layer` ta kunna motsin juyawa a wuri ɗaya, ƙafafu su taka su biyo ƙirji, kusurwar saiti kuma ta riƙa raguwa daidai da yadda ƙugu ke juyowa har ta koma 0. In raguwar ta fi juyawar sauri ko ta gaza ta, za a ga bakin bindiga ya yi waje ya dawo a tsakiyar juyin, kuma layin nan na `Debug.DrawRay` zai nuna shi ƙarara.